Hoton bangon bidiyon Ajwa: inda umarni ya yi aiki da inda sai an sa hannu

Wani mai gabatar da shirye-shiryen Hausa a YouTube, mazaunin Madina, ya ɗauki bidiyo na minti goma sha biyu domin maniyyata da masu Umra. Abin da ke ciki shi ne yadda mutum zai bambanta dabinon Ajwa da wanda ake sayar masa da sunan Ajwa, musamman Safawi, wanda shi ma baƙi ne kuma na Madina ne, sai dai ya fi Ajwa tsawo, ita kuwa Ajwa gajeriya ce mai ɗan kewaye da siraran tamoji a jiki. Bidiyo ya kammala. Abin da ya rage shi ne hoton bango, wato hoton nan da mai kallo ke fara gani kafin ya yanke shawarar dannawa ko ya wuce.

Yaron da ke yi masa haɗin bidiyo yana Jidda. Malam ya turo masa hoto ɗaya ta WhatsApp, ya ce yana son irin hoton da manyan tashoshi ke yi: fuska babba mai nuna mamaki, launi mai ɗaukar ido a baya, da wuri a gefe da za a rubuta taken. Taken kalma biyu ne kawai, AJWAR ƘARYA? Shi kuma yaron ya nufi manhajar ƙirƙirarriyar basira mai karɓar hoto da rubutaccen umarni ta fitar da sabon hoto. Abin da ya biyo baya shi ne za mu bi daki-daki, domin kusan duk matsalar da mai wannan aiki zai haɗu da ita ta fito a wannan hoto guda.

Malam baƙi ne, yana sanye da farar jallabiya irin ta mutanen Saudiyya, da hula Zanna Bukar mai aiki, yana da tsage biyu a kowane kunci da wushirya a haƙoran sama. A hannun damansa kuma ƙwayar dabino ce baƙa wuluk. Fari ƙal, baƙin fata, baƙin dabino, hula mai ƙananan zane. Wanda ya san aikin hoto ya san an haɗa masa abubuwan da ba su son haske iri ɗaya.

Umarnin farko

Ga abin da yaron ya rubuta. Da Turanci ya rubuta, kamar yadda mafi yawan masu wannan aiki ke yi, domin manhajojin sun fi bin bayanin wuri da launi daidai idan da Turanci aka ba su:

```
Make a viral YouTube thumbnail from this photo, shocked face,
bright background, Madinah dates market, title "AJWAR ƘARYA?"
```

Hoton da ya fito yana da kyau idan ba ka san Malam ba. Idan ka san shi, to ba shi ba ne. Fatar ta yi haske har ta koma ruwan tarwaɗa. Tsage ya ɓace gaba ɗaya. Baki ya wangame har ana ganin ganda, haƙora sun jeru farare tas ba wushirya. Hula ta zama wani abu tsakanin Zanna Bukar da tagiyar Larabawa. Yana tsaye a tsakiyar hoton, bayansa cike da tarin dabino da fitilu da mutane, har da wata hasumiya da koriyar ƙubba da ba wanda ya nema. Rubutun kuma ya fito AJWAR KARYA, ba lanƙwasa a kan K.

Wannan kuskure na ƙarshe ba ƙarami ba ne. Ƙarya daban, karya daban, kuma kowane Bahaushe ya san abin da karya ke nufi. Mutum ya ɗora wannan a kan dabinon Madina, ya jawo wa kansa magana.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalili. Manhajar ba ta yanko mutum daga hoto ta manna shi a wani wuri kamar yadda ake yi da almakashi. Sake zana hoton take yi daga farko, tana kallon wanda aka ba ta a matsayin abin koyi. Duk inda umarni ya ce ta canza wani abu a fuska, sai ta cike gurbin da abin da ta saba gani. A hoton asali bakin Malam a rufe yake, yana ɗan murmushi. Da aka ce ya yi mamaki, dole ta ƙirƙiro haƙora da harshe da tamojin goshi, abubuwan da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba. Daga nan kamanni ya tafi. Tsage kuwa ta ɗauke shi a matsayin tabo ne da ya kamata a goge, kamar yadda take goge ƙuraje. Kalmar nan ta neman haske a baya ita ta ja hasken har kan fata. Ambaton Madina kuma shi ya kawo ƙubba, domin a wajenta Madina da ƙubbar ba su rabuwa. Sannan ba a gaya mata inda mutum zai tsaya ba, ita kuma idan aka ƙyale ta, tsakiya take ajiye shi ta cika sauran wurin da kaya.

Komawa gaban kamara

Gyaran da ya fi kowanne amfani ba a cikin umarni aka yi shi ba. Yaron ya kira Malam ya ce: "Malam, ku yi haƙuri, sai kun sake ɗaukar hoton. Mamakin nan ku za ku yi shi da kanku, idan na bar wa na'ura sai ta ba ku wata fuskar." Malam ya ce shi fa ba zai buɗe baki kamar yaro ya ga dodo ba, mutane na girmama shi.

Yana da gaskiya, kuma ba dattako kaɗai ba ne ya goyi bayansa. Masu kallon wannan bidiyo mutane ne da ke shirin zuwa ibada, da yawansu manya. Wangalallen baki irin na tashoshin wasanni yana iya sa su ɗauka wasa ne. Abin da hoton bango ke buƙata shi ne yanayin fuska da za a iya karantawa ko da hoton ya ƙanƙance, kuma gira da ido ne ke ɗaukar wannan nauyi fiye da baki. Aka daidaita a kan fuskar shakka: gira a ɗage, ido a buɗe sosai yana kallon kamara, kai ya ɗan ja baya, baki a ɗan buɗe kamar mai shirin cewa "anya kuwa?" Wannan ma ya fi dacewa da take mai alamar tambaya.

Mutum ba ya iya riƙe irin wannan fuska ya jira a danna. Sai ta daskare ta zama ta dole. Don haka bidiyo aka ɗauka maimakon hoto, a kan `4K`, wanda kowane hoto guda a cikinsa faɗinsa fiksel 3840 ne tsawonsa 2160, ya ninka abin da ake buƙata sau uku ta kowane ɓangare. Malam ya ɗaga dabinon kusa da kuncinsa ya maimaita "anya wannan Ajwa ce?" sau biyar ko shida, aka bi bidiyon a hankali aka zaɓo inda girar ta fi ɗagawa kuma hannu bai yi motsin da zai dusashe dabinon ba.

Da kamarar baya aka ɗauka, daga nisan kusan mita biyu, aka jawo da `2x`. Kamarar gaba da ake riƙewa a tsawon hannu tana kumbura hanci ta ƙanƙantar da kunnuwa, kuma manhaja za ta ƙara wa wannan gishiri. Aka kashe duk wani abin gyaran fuska na wayar, domin shi ma goge tsage yake yi. Ranar Madina da tsakar rana ba ta yi wa baƙar fata da farin kaya adalci: ko jallabiya ta ƙone ta zama farin fili ba lanƙwasa, ko fuska ta nutse. A cikin ɗaki aka tsaya bayan la'asar, taga tana gefen gaba, aka danna fuskarsa a allon waya domin ta auna haske da fuskar, sannan aka ɗan ja hasken ƙasa har kalmasar jallabiya ta fara bayyana. Bangon da ke bayansa fili ne ba komai, ya kuma matso daga jikinsa da taku biyu don kada inuwa ta manne masa a kafaɗa. Aka bar sarari sama da hula da kuma gefen kafaɗu biyu, saboda abin da kamara ta yanke, manhaja ƙirƙiro shi za ta yi.

Sai aikawa. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto na yau da kullum ana matse shi, kuma ƙananan abubuwa irin su zaren hula da tsage su ne ke fara narkewa. A matsayin `Document` aka turo wannan karon.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba sai ya faru. Idan mutum ya fito a ɓangaren da ba a so, abin da mai haɗa hoto kan yi shi ne ya juya hoton kamar madubi. A nan ba zai yiwu ba. Juyawa za ta mai da dabinon hannun hagu, kuma malami riƙe da abinci da hagu a hoton da dubban Musulmi za su gani, ba sai an faɗi abin da za a rubuta masa a ƙasa ba. Saboda haka tun wajen ɗauka aka tsara: Malam a dama ga mai kallo, hannunsa na dama da dabino yana faɗowa ta hagun mai kallo, wato ɓangaren da taken zai zauna. Ido ya tashi daga rubutu, ya bi ta kan dabino, ya sauka a fuska.

Rabon fili

Kafin a sake rubuta umarni sai da aka auna. Girman da aka daɗe ana aiki da shi a YouTube shi ne fiksel 1280 a faɗi da 720 a tsawo, wato 16:9. Malam ya ɗauki kashi 40 cikin ɗari na dama, fiksel 512 ke nan. Saura 768 a hagu. Daga ciki aka bar 64 a gefe don kada rubutu ya manne da baki, aka kuma bar wa hannu da dabino wajen 70, sai rubutu ya samu kusan 630. Wannan ya ishi kalma biyu a layi biyu da manyan haruffa.

Kusurwar ƙasa ta dama ba ta kowa ba ce, nan YouTube ke ɗora tsawon bidiyon. Idan kafaɗa ce a wurin ba asara. Idan rubutu ne ko dabino, an rufe shi. Ga masu kallo a Saudiyya akwai ƙarin abin lura: wayoyi da yawa a Larabci suke, kuma tsarin shafin a Larabci daga dama yake farawa. Abin da ya fi aminci shi ne a bar kusurwoyin ƙasa biyun duka ba wani abu mai muhimmanci, misalin fiksel 120 daga ƙasa.

Zaɓen launin baya shi ne ya fi ɗaukar tunani. Shawarar da aka saba ji ita ce a sa baƙi ko shuɗi mai duhu don mutum ya fito. Wannan na aiki ga mai farar fata. Ga Malam, jallabiya ce kaɗai za ta fito, fuska da dabino su narke cikin duhu, mai kallo ya ga riga da hula suna yawo. Farin baya kuma zai haɗiye jallabiya. Ruwan goro da ja suna da ɗaukar ido, amma 'yan gida ɗaya ne da ruwan ƙasan da ke cikin fata, sai gefen fuska ya rasa iyaka. Abin da ya rage shi ne launi mai matsakaicin haske daga ɗaya ɓangaren, wato shuɗi mai sirkin kore. Ya fi fata haske, ya fi jallabiya duhu, kuma kishiyar ruwan ƙasa ne.

Amma fa launin da ya dace da fuska bai dace da rubutu ba. Akwai ma'aunin bambancin haske da masu tsara shafukan intanet ke amfani da shi, `WCAG`, wanda ke neman aƙalla 4.5 da 1 tsakanin rubutu na yau da kullum da abin da ke bayansa. Ruwan ɗorawa `#FFD400` a kan matsakaicin shuɗin `#17A2B8` bai wuce kusan 2 da 1 ba. Kan babban allo za a karanta, kan waya a rana kuwa sai an ƙanƙance ido. Wannan ruwan ɗorawar dai a kan mai duhu `#063B45` ya haura 8 da 1. Mafita ita ce launin ya riƙa sauyawa a hankali: haske a bayan kan Malam, duhu a hagu inda taken zai zauna. Baya ɗaya, aiki biyu.

Umarni na biyu

```
Edit this photo. 16:9. Keep the man's face, expression, dark skin
tone, cheek marks, tooth gap, cap pattern and hand unchanged.
Place him chest-up in the right 40% of the frame.
Background: smooth teal gradient, brighter behind his head,
very dark on the left. Left 55% of the frame is plain empty
background. No text, no buildings, no other people.
```

Abin lura shi ne yadda aka jera shi. Abin da ba a so a taɓa shi ya zo farko, kuma an ambaci kowanne da sunansa. Cewa a bar fuska yadda take bai isa ba, domin a wajen manhaja goge tsage gyara ne, ba canji ba. Babu kalmar mamaki ko kaɗan, tunda mamakin yana cikin hoton. An ce dama da hagu na firam ɗin hoto, saboda in aka ce damansa ko hagunsa sai ta rikice tsakanin damar mutumin da damar mai kallo. Sannan ba a ce a bar wurin rubuta take ba. Wannan dabara ce da aka koya da wahala: da zarar kalmar take ko rubutu ta shiga a matsayin abin da ake so, manhaja kan cika wurin da haruffan da ba na kowane harshe ba, ko ta zana wani farin akwati. Gara a siffanta wurin da abin da yake, wato fili ne mai launi kaza, ba abin da za a yi da shi ba.

Sakamakon ya fi na farko nesa ba kusa ba. Malam yana dama, hagu a share, launi ya yi yadda ake so ko da bai yi daidai da lambobin ba. Manhajojin nan ba su cika bin lambar launi ko kashi cikin ɗari sak ba, kusa suke kaiwa. Amma sai wasu matsaloli biyu suka bayyana.

Ta farko girma. Manhajar da aka yi amfani da ita ta fitar da hoto mai fiksel 1536 da 1024, wato 3:2, duk da an rubuta 16:9. Wasu manhajojin suna da ƙayyadaddun girma da umarni ba ya canzawa, wasu kuma suna da wurin zaɓa, kamar `--ar 16:9` a Midjourney. In za a mai da 1536 da 1024 zuwa 16:9, tsawon zai koma 864, a zubar da fiksel 160. Hular Malam tana dab da saman hoton, don haka ko a yanke mata kai ko a kwashe duka 160 daga ƙasa, hannu ya tafi. Maganin wannan layi ɗaya ne a umarni, a nemi sarari sama da hula, misalin kashi 12 cikin ɗari na tsawon.

Ta biyu ta fi wuyar gani. A ido, Malam ne. Sai da yaron ya ɗora hoton asali a kan sabon a manhajar gyaran hoto ta Photopea, ya rage kaurin na saman zuwa rabi, ya daidaita idanu, sannan bambanci ya fito. Tsage ɗaya a kuncin hagu ya gajarce. Hanci ya ɗan siranta. Zanen hula ya koma wani zane mai kama da shi. Dabinon kuma ya ƙara tsawo ya yi sheƙi, wato a bidiyon da ke koya wa mutane bambanta Ajwa da Safawi, manhaja ta mai da Ajwar ta yi kama da Safawi. Wanda ya san dabino zai gane daga hoton bango cewa abin da ke hannun Malam ba shi ne abin da ake magana a kai ba.

A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Sai su ce wa manhaja ta gyara tsagen, ta gyara, hula ta ƙara lalacewa. Su ce ta gyara hula, fata ta ƙara haske. Kowane gyara sabon zane ne a kan zanen baya, ba a kan hoton asali ba, kuma kuskure taruwa yake yi. Bayan zagaye huɗu ko biyar sai ka ga ƙanin Malam, ba Malam ba. Idan dole a sake gwadawa, a koma hoton asali a gyara umarni a fara sabo.

Abin da aka yi a ƙarshe

Aka cire Malam daga hannun manhajar baki ɗaya. Umarni na uku ba hoto a tare da shi, baya kawai aka nema:

```
Empty background plate, 16:9. Smooth teal gradient, soft bright
glow at upper right, very dark teal on the left half.
A heavily blurred tray of dark dates low at bottom centre.
No people, no text, no buildings.
```

Farantin dabinon da ya dusashe a ƙasa shi ne kaɗai ishara ga kasuwa, kuma da yake a dusashe yake, ba wanda zai auna siffar ƙwayoyinsa. Ba a nemi Masallacin Annabi ba, kuma a ganinmu bai kamata a nema ba a irin wannan hoto. Manhaja ƙirƙirar gini take yi, ta ƙara hasumiya ta rage ƙofa, ga shi kuma za a rubuta kalmar ƙarya da manyan haruffa a kansa.

Shi kuma Malam aka yanko shi daga hoton asali da abin cire baya, irin wanda ke cikin Canva ko Photopea. Wurare uku ne yankan ke yawan ɓaci: gefen hula, tsakanin yatsu da dabino, da gefen farar jallabiya idan bangon ɗakin fari ne. Aka zuƙo hoton sosai aka bi su da hannu. Wani siririn farin layi da ya rage a gefen kunne, ragowar bangon ɗaki, aka cinye shi ta hanyar matse gefen yankan da fiksel ɗaya zuwa biyu.

Mutumin da aka manna a kan baya yakan yi kamar an liƙa shi da gam, domin hasken jikinsa na ɗaki ne, na baya kuma na wani wuri. Abu biyu suka gyara wannan. Aka sa ɗan haske mai laushi na launin bayan a gefen kafaɗa da hula, kaɗan ƙwarai, kamar bayan ne ke haska shi. Sannan aka ɗaga inuwar fuska kawai, aka ƙara wa ido kaifi. Akwai bambanci tsakanin ɗaga inuwa da haska fata: na farko yana fito da abin da duhu ya ɓoye a ƙarƙashin gira da haɓa, na biyu yana canza launin mutum. Hanyar ganewa ita ce a kwatanta kunci da bayan hannu. Idan fuska ta fi hannu haske fiye da yadda take a hoton asali, an zarce.

Fuskar, daga haɓa zuwa saman hula, ta ɗauki kusan fiksel 430 daga cikin 720. Ya fi abin da yaron ya fara sawa girma, kuma Malam da ya gani ya ce ya yi kusa da yawa. A kan kwamfuta haka ne. A kan waya kuwa daidai ne.

Taken da hannu aka rubuta. A nan ma akwai tarko: salon haruffa masu kauri da masu hoton bango ke so, da yawansu ba su da Ƙ da Ɗ da Ɓ. Idan babu, ko dai akwati ya fito a gurbin harafin, ko manhaja ta aro shi daga wani salon a ɓoye, sai ka ga Ƙ siririya tsaye cikin ƙattin haruffa. Na biyun ya fi yawan kuɓucewa mutane. Kafin a zaɓi salo, a rubuta ƘƊƁ ƙɗɓ a gani ko kaurinsu ɗaya da sauran. `Noto Sans` yana da su duka, kuma yana da nau'i mai kauri sosai. AJWAR ta zauna a layin sama da fari, ƘARYA? a ƙasa da ruwan ɗorawa, tsawon kowane harafi kusan fiksel 130, da 'yar inuwa mai duhu a baya. Aka bar tazara mai kyau tsakanin layukan, saboda lanƙwasar Ƙ a sama take, in layuka suka matse sai ta shige cikin ƙafar harafin da ke samanta, a koma gidan jiya.

Gwajin ƙarshe shi ne ƙanƙantarwa. Aka mai da hoton fiksel 168 da 94, kwatankwacin yadda yake fitowa a jerin bidiyoyin gefe a kwamfuta, aka duba abu uku: ana karanta kalmomin biyu, ana gane shakka a fuskar, ana ganin akwai abu a hannu. Na ukun ne ya faɗi. Dabinon ya haɗe da yatsu ya zama ɗigo ɗaya baƙi. Ba a ƙara masa girma ba, tunda girmansa na cikin abin da bidiyon ke koyarwa. Sai aka ƙara hasken bayan da ke daidai wurin hannun, aka zagaye ƙwayar da siririn da'ira mai ruwan ɗorawa. Aka kuma mai da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci don a ga ko fuska, riga da rubutu sun rabu da baya ba tare da taimakon launi ba. Sun rabu.

An fitar da shi a `JPG`, inganci 90, ya tsaya ƙasa da `2MB`, iyakar da YouTube ta daɗe tana sawa a baya. Launi mai sauyawa a hankali yakan fito da layi-layi idan an matse shi, musamman a ɓangaren duhu, kuma ya fito a nan. Ɗan ƙura-ƙura kaɗan da aka yayyafa wa bayan, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, shi ya ɓatar da layukan. Tashar Malam ta riga ta tabbatar da lambar waya, wanda sai da shi YouTube ke barin mutum ya ɗora hoton bango na kansa.

Gardamar buɗe baki ba ta mutu ba, domin yaron na nan a kan cewa da Malam ya ƙara buɗewa da an fi dannawa. Da yake a bidiyon da aka ɗauka akwai wuraren da bakin ya fi buɗewa, sai aka yanko na biyu daga ciki, aka ɗora a kan baya ɗaya da take ɗaya, ba abin da ya bambanta su sai fuska. Abin gwada hotunan bango na `Test & Compare` da ke cikin YouTube Studio a kwamfuta yana karɓar hoto har uku ya rarraba wa masu kallo, kuma da yawan lokacin da aka kalla yake auna wanda ya yi nasara, ba da yawan dannawa kaɗai ba. Aka saka biyun. Bayan mai shuɗi da wurin rubutu da ma'aunin gefe kuma aka adana su a fayil guda, saboda bidiyo na gaba a kan zuma ne, kuma ranar Malam jallabiya ruwan toka zai sa, wanda ke nufin sai an sake duba hasken da ke bayan kafaɗarsa.